Yadda ake rubuta wa abokin aikin da ba ku saba ba saƙon murnar ranar haihuwa

Duk wanda ya daɗe a wurin aiki ya san ranar da ake miƙo masa kati da biro a ce ya sa hannu, yau ranar haihuwar Wance ce, alhali tsakaninsa da Wancen bai wuce gaisuwa a bakin ƙofa ba. Ko kuma ya buɗe waya ya tarar zauren ofis ya cika da taya Wane murna, shi kuwa ko fuskar Wanen sai ya yi tunani kafin ya tuna. Na rubuta irin wannan saƙo sau da yawa, na kuma karanta na wasu a kan katin da ke zagayawa, kuma abin da ke ɓata shi kusan kullum ɗaya ne: mutum ya nuna kusancin da babu shi. Ƙa'idar da nake bi ita ce kada kalaman su wuce gwargwadon sanayyar da ke tsakani. Idan sanayyar ta gaisuwa ce, saƙon ma ya tsaya a matsayin gaisuwa mai kyau, jimla biyu ko uku.

Abin da za ka tanada kafin ka fara

Abu na farko shi ne sunan mutumin kamar yadda shi yake rubuta shi. Duba ƙasan imel ɗin da ya taɓa aikowa, ko jerin sunayen ma'aikata, ka kwafo daga can. Na biyu, ka san yadda ake kiransa a wurin aikin, da suna kawai ne ko da laƙabi a gaba. Na uku, ka tabbatar da ranar. Na huɗu, ka nemo abu guda na gaskiya da ya taɓa haɗa ku, ko da ƙarami ne. Idan kati ne, ka samu biro mai kyau, baƙi ko shuɗi, da 'yar takarda ta gwaji, domin abin da aka rubuta a kati ba ya gogewa. Idan a waya ne, ka fara rubutawa a wurin ajiye rubutu, kada ka rubuta kai tsaye cikin zauren da mutum talatin ke kallo.

Mataki na 1: Tabbatar da ranar, ka kuma tambayi kanka ta ina ka sani

Ranar da ke cikin takardun aiki ba lallai ta zama ainihin ranar haihuwar mutum ba. Mutane da yawa an sa musu 1 ga Janairu a takarda ne saboda ba a rubuta ranar da aka haife su ba, wasu kuma ranar da suka sa a Facebook ta cike gurbi ce kawai. Wanda aka haifa ranar 29 ga Fabrairu kuwa, ranar tasa sau ɗaya take zuwa a shekara huɗu, a sauran shekarun wani yakan ɗauki 28 ga Fabrairu, wani 1 ga Maris. Saboda haka, idan ba ofis ne ya sanar ba, tambayi wanda suke sashe ɗaya da shi.

Tambayar ta ina ka sani ta fi wannan nauyi. Idan an sanar a zaure, ko kati na zagayawa, ko shi da bakinsa ya faɗa, hanya a buɗe take. Idan kuwa ka gani ne a fayil ɗinsa saboda aikinka ya shafi takardun ma'aikata ko albashi, to ka yi shiru. Bayanin da ka samu ta hanyar aiki amana ce, kuma mutumin da ba ku saba ba zai fara mamakin yadda aka yi ka sani kafin ma ya kai ga jin daɗin saƙon.

Akwai kuma waɗanda ba sa bikin ranar haihuwa ko kaɗan. Wasu Musulmi ba sa yi bisa fahimtarsu ta addini, Shaidun Jehobah ma ba sa yi, wasu kuma ba su da wani dalili sai dai ba sa son a mai da hankali kansu. Idan ka lura mutum bai taɓa sa baki ba in ana taya wasu murna, ko wani na kusa da shi ya ce maka ba ya so, bar shi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ka gaishe shi yadda ka saba, kamar kowace rana.

Mataki na 2: Zaɓi inda za ka rubuta

Ka bi hanyar da labarin ya zo maka. Kati ya zo, rubuta a kati. A zaure aka sanar, amsa a zaure. Imel ne ya zo daga shugaban sashe, ka amsa ta imel, amma ka duba ko mutanen wurin sun saba danna Reply All a irin wannan. Idan ba su saba ba, rubuta wa mai ranar shi kaɗai a adireshinsa na aiki, kada ka cika akwatin mutum hamsin da saƙon da na mutum ɗaya ne.

Inda aka fi zamewa shi ne zaro lambar mutum daga zauren WhatsApp na ofis a bi shi da saƙo a keɓe. Ya ba da lambar ne domin aiki. Idan ba ku taɓa magana a keɓe ba, saƙon ranar haihuwa ba shi ne zai buɗe wannan ƙofar ba, musamman idan namiji ne ke rubuta wa mace ko mace ke rubuta wa namiji. Ko da zuciya ɗaya ka yi, ba ka da iko a kan yadda za a karanta shi, ko wanda zai gan shi a wayar. Haka nan kada ka ɗauko hotonsa ka ɗora a shafinka ko a Status da sunan taya murna. Wannan aikin abokansa ne na jiki.

Idan babu kati, babu zaure, babu imel, to ka faɗa da baki in kun haɗu. Jimla ɗaya da murmushi ta isa.

Mataki na 3: Yadda za ka kira shi

Ka fara da sunan da kake kiransa da shi in kun haɗu, ba ƙari ba ragi. Idan Malam Wane kake cewa a baki, Malam Wane za ka rubuta. Idan kowa na ce mata Hajiya ko Dakta ko Injiniya, kai ma ka sa. Kada ka ari sunan wasa da ka ji abokanta na kiranta da shi, don su sun ci wannan sunan ne da shekarun zama tare. Kada kuma ka ƙirƙiro zumunta da kalmomi irin su ƙanwata, 'yar uwa rabin jiki, aminina, ko uwar ɗakina. Masoyi da abin ƙaunata kuwa ko kusa kada su shigo, ko da ka ga ana amfani da irinsu a saƙonnin da ake turawa.

Sai batun kai da ku. Tsara ko wanda kuke mataki ɗaya, kai ko ke ya wadatar. Wanda ya girme ka da nisa ko yake sama da kai sosai a muƙami, ku ta fi dacewa: ina taya ku murna, Allah ya ƙara muku lafiya. Abin lura shi ne ka tsaya a kan ɗaya. Saƙon da ya fara da ku ya ƙare da kai yana nuna an kwafo rabinsa daga wani wuri. Ranka ya daɗe ko ranki ya daɗe sau ɗaya a farko ya isa ga shugaba, idan dama haka kake gaishe shi. Maimaita shi a kowace jimla fadanci ne, kuma a kan kati sauran abokan aiki za su karanta.

Mataki na 4: Jimlar murna da jimlar fata

Waɗannan biyu su ne ƙashin bayan saƙon, kuma ba sa bukatar wata fasaha. Barka da zagayowar ranar haihuwa, ko ina taya ki murnar zagayowar ranar haihuwarki. Sai fata guda ɗaya: Allah ya ƙaro shekaru masu albarka, ko Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Mutane na jin kamar wannan ya yi kaɗan saboda kowa haka yake cewa. Ai sabon da aka yi da kalmomin shi ne amfaninsu a nan, domin ba wanda zai yi musu wata fassara.

A wurin fata ne ake shiga hurumin da ba a gayyaci mutum ba, saboda addu'a tana da daɗin faɗa, mai yin ta kuma yana ganin alheri yake yi. Allah ya kawo miji nagari, ga matar da ba ka san ko tana da aure ba, ko aurenta bai daɗe da mutuwa ba. Allah ya raya zuri'a, ga wanda wataƙila ya shekara goma yana neman haihuwa. Allah ya ba da lafiya, wanda ya bambanta da Allah ya ƙara lafiya, domin na farkon ana faɗa wa marar lafiya ne, sai ya zama kamar kana sanar da cewa ka ji labarin ciwonsa. Allah ya kai ka babbar kujera, a kan katin da mai kujerar zai sa wa hannu bayanka. Gwajin da nake yi shi ne in tambayi kaina ko fatan zai dace da mutumin ko da duk abin da nake zato game da rayuwarsa ba haka yake ba. Lafiya, albarka, kwanciyar hankali da nasara a aiki suna tsallake wannan gwaji. Aure, haihuwa, kuɗi da muƙami ba sa tsallakewa.

Idan ba ka san addinin mutumin ba, ko kun bambanta, addu'a ta gama-gari ba ta da laifi ga yawancin mutane, amma kada ka kawo aya ko wa'azi. Idan kana da shakka, sai ka ce ina yi miki fatan alheri da ƙoshin lafiya a wannan sabuwar shekara taki. Tunatarwa cewa kowace shekara kusantar kabari ce, ko da gaskiya ce, ba a bakin wanda ba a saba da shi ba ya kamata ta fito ranar nan.

Shekaru kuma kada ka ambata, kada ka tambaya. Ko da an rubuta 40 ko 50 a bangon katin, ba dole ka yi sharhi a kai ba. Barkwancin tsufa da furfura da ritaya na masu wasa da juna ne.

Mataki na 5: Ƙara abu guda na gaskiya, idan akwai

Wannan jimlar ce ke raba saƙonka da sauran ashirin da ke kan katin. Ka nemo abin da ya faru tsakaninku a wurin aiki, ƙarami, wanda za ka iya faɗa a gaban kowa: ya nuna maka yadda ake cike wata takarda a makonka na farko, ta amsa tambayarka cikin haƙuri, kun yi aiki a kwamiti ɗaya. Ka faɗe shi da girmansa. Wanda ya taimake ka sau ɗaya, ka gode masa kan sau ɗayan, kada ka ce ba ka san yadda ofis zai kasance ba idan babu shi. Ya san iyakar abin da ya yi, kuma yabon da ya wuce aikin yana sa a fara tunanin ko akwai bukata a baya.

Yabon ya tsaya a kan aiki da hali, kada ya taɓa jiki. Murmushi, murya, sutura, ƙamshi, ƙuruciyar fuska, duk ka bar su.

Idan ka duba ba ka samu komai ba, kada ka ƙirƙira. Jimla biyun mataki na huɗu cikakken saƙo ne.

Mataki na 6: Rubuta a takardar gwaji, sannan ka rage

Bari mu bi misali ɗaya daga farko zuwa ƙarshe. A ce kai ma'aikaci ne a sashen sayayya, wata shida da fara aiki. An kawo katin wata ma'aikaciya a sashen kuɗi, ta girme ka kaɗan, kowa na ce mata Malama Wance. Sau biyu kuka zauna taro ɗaya, kuma watan jiya ta dawo maka da takardar neman biya ta nuna maka inda ka sa lamba ba daidai ba, maimakon ta bar ta a ƙasan tari. Abin da hannu ke fara rubutawa yakan yi kama da wannan:

"Zuwa ga babbar yayata abin alfaharina, mace ɗaya tamkar da dubu. Barka da ƙarin shekara, ko da yake wanda ya gan ki ba zai ce kin kai haka ba! Allah ya bar ki da maigida, ya raya yara, ya kai ki kujerar darakta. Ba zan taɓa mantawa da alherinki ba har abada. Yaushe za a kira mu walima?"

Yanzu a bi shi da biro. Babbar yayata ya fita, ba ka taɓa kiranta haka ba. Mace ɗaya tamkar da dubu kirari ne, kuma ba ka san ta sanin da zai ba ka damar yi mata shi ba. Maganar ba za a ce ta kai haka ba ta haɗa laifi biyu, shekaru da kamanni. Maigida da yara zato ne kawai. Kujerar darakta tana da mai ita. Har abada ya yi wa gyaran lamba ɗaya yawa. Tambayar walima kuma, ko da wasa ce, ta ɗora mata nauyi a ranar da ita ya kamata a yi wa alheri. Abin da ya rage bayan ragin shi ne:

"Malama Wance, barka da zagayowar ranar haihuwa. Allah ya ƙaro shekaru masu albarka cikin ƙoshin lafiya. Na gode da gyaran da kika yi min a takardar biya watan jiya. Wane, sashen sayayya."

Kalmomi talatin da 'yan kai ne, kuma babu wadda za ta ji nauyinta idan wani ya karanta a gabanta. Da a zaure ne, sai ka cire jimlar godiyar, don a can ana son gajeren abu, kuma ba kowa ke son a bayyana wa jama'a wanda ya taimaka wa ba. Da shugaban ma'aikatar ne mai ranar, sai ya koma: "Ranku ya daɗe, ina taya ku murnar zagayowar ranar haihuwa. Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana." A nan ma ka cire godiyar, sai fa in akwai takamaiman abu, kuma ko kusa kada ka haɗa da tunin ƙarin girma ko hutun da ka nema.

Idan harshen aikinku ba Hausa ba ne, ko mai ranar ba ya jin ta, rubuta da harshen da kuka saba magana da shi. Tsarin bai canza ba: suna, murna, fata, abu guda na gaskiya, sa hannu.

Mataki na 7: Sa hannu, duba, sannan ka aika a lokacin aiki

Ka rubuta sunanka yadda za a iya karantawa, ka ƙara sashenka. Wanda ba ku saba ba bai san zanen sa hannunka ba, kuma a babban ofis ba kai kaɗai ke da sunan ba. A kan kati ka ɗauki ɗan gefe, layi uku ko huɗu, ka bar tsakiya ga mutanen sashensa. Kada ka amsa abin da wani ya rubuta a katin, kada kuma ka kwafi na sama da kai kalma da kalma.

A waya, kada ka tura saƙon da wani ya aiko maka, domin WhatsApp na sa masa alamar Forwarded, mai ranar zai gani tun kafin ya karanta. Hoton fure mai ƙyalli da doguwar waƙa da aka kwafo ma ka bar su. Alamar murmushi ɗaya ba laifi idan mutanen zauren sun saba, amma ban da zuciya da sumba. Idan tes za ka aika, ka sani saƙo ɗaya haruffa 160 yake ɗauka, amma da zarar ƙ ko ɗ ko ɓ ta shiga sai ya koma 70, abin da ya wuce haka a lissafa shi saƙo biyu ko uku, wata tsohuwar wayar ma ta nuna akwati a madadin harafin. Ka kuma sake duba sunan, don waya na son gyara sunayen mutane da kanta.

Lokaci yana magana kamar kalmomi. Saƙon ƙarfe goma sha biyun dare na nufin ka zauna kana jiran ranar ta shigo, wannan kuwa matsayin iyali ne da aminai. Aika da hantsi, tsakanin tara da sha biyu. Idan ranar ta faɗo a hutun ƙarshen mako, ka bari sai ranar aiki ta gaba, sai dai idan zauren ya riga ya fara, sai ka sa naka a ciki. Wanda ke tsoron mantuwa zai iya rubuta imel tun da wuri ya yi amfani da Schedule send a Gmail ya sa masa ƙarfe tara na safe.

Mataki na 8: Bayan ka aika

Kada ka jira amsa, kada ka bi da tambayar ko an gani. Mai ranar na iya samun saƙo hamsin, godiya ɗaya ga kowa a zaure ta wadatar. Idan ya amsa da na gode, ka ce ba komai ko amin, hirar ta tsaya nan. Kyauta kai kaɗai ga wanda ba ku saba ba tana sa shi tunanin ramawa, don haka idan ana karo-karo ka sa abin da ya sauƙaƙa, idan ba a yi ka bar shi a saƙo.

Idan ka ga kuskure bayan aikawa, WhatsApp na ba da minti 15 a gyara saƙo ta hanyar Edit, ko da yake zai nuna an gyara. Wannan ya fi gogewa, don saƙon da aka goge yana barin alama, mutane su yi ta tunanin me aka faɗa. Gmail kuma na da Undo Send, wanda za ka iya saitawa daga daƙiƙa 5 har zuwa 30, bayan haka imel ya tafi. Idan sunan ka rubuta ba daidai ba kuma lokacin gyara ya wuce, aika layi ɗaya: a yi haƙuri, Malama Wance nake nufi. A kati kuwa, ja layi ɗaya siriri a kan kalmar ka rubuta daidai a gefe, kada ka dame wurin da tawada.

Idan ka makara da kwana ɗaya ko biyu, ka ce barka da zagayowar ranar haihuwa, a yi haƙuri saƙon ya zo a makare, ba tare da dogon bayanin dalili ba. Idan an haura mako, bar shi ya wuce, don ba wanda ke riƙe da lissafin ko kai ka rubuta. Idan kuma mutumin ya amsa da cewa shi ba ya bikin ranar haihuwa, ka ce to, na gode da ka sanar da ni, kada ka kare kanka ko ka buɗe muhawara, sannan ka sanar da mai zagayawa da kati a asirce domin a cire sunansa daga jerin baɗi.